Farashi na ba kaso mafi girma, amma mai tsada ne ya ci: ina na yi kuskure?

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman wanda zai duba mini lissafi kafin ranar Litinin, don na kai wa oga ya dawo mini da shi. Ni ke kula da sayen kaya a wani ƙaramin kamfani, kuma za mu ɗauki wanda zai riƙa kawo mana kwalayen zuba kaya na shekara guda. Mutum uku suka kawo takardar farashi, zan kira su A, B da C. Don kada in fallasa sirrin kowa, ku ɗauka farashin A 100 ne, na B 108, na C 120.

Ma'auni huɗu na sa: farashi kashi 40, inganci 30, kawo kaya kan lokaci 20, sauƙin biya 10. Kowanne ana ba da maki daga 0 zuwa 10. A inganci A ya samu 5, B 7, C 9. A kawowa kan lokaci 6, 8, 8. A sauƙin biya 4, 6, 8. Makin farashi kuma na raba mafi araha da farashin kowa na ninka sau goma, sai A ya samu 10, B 9.26, C 8.33. Da na ninka kowane maki da kasonsa na tara, A 7.10, B 8.00, C 8.43.

Oga ya ce yaya za a yi farashi ya ɗauki kaso mafi tsoka amma mafi tsada ya zo na ɗaya? Har ya tambaye ni ko na san mutanen C. Wallahi ban taɓa ganinsu ba sai ranar da suka kawo samfur.

Ɗan Sito:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ni shawarata kada ki yarda da nauyin da suka rubuta a takarda, ki ɗora kwalin a sikeli da kanki. An taɓa kawo mana wasu, a ido ba ka bambancewa, da aka auna ashe sun rage kaurin takardar.

Maman Khalifa:
Na gode Malam, amma ba nauyin kwali nake nufi ba, kason da ake ba kowane ma'auni a teburin maki nake nufi. Sai dai maganarka ma zan riƙe, don ba mu taɓa aunawa ba.

Akanta Bala:
Na sake buga lissafin, babu kuskure ko ɗaya. Idan a Excel kike yi, wannan ya ishe ki, kaso a layin farko, maki a ƙasa:

```
=SUMPRODUCT($B$1:$E$1,B2:E2)/SUM($B$1:$E$1)
```

Inda matsalar take shi ne yadda kika ba farashi maki. Kin tausaya wa mai tsada. Ni yadda nake yi, mafi araha ya ɗauki 10, mafi tsada ya ɗauki sifili, na tsakiya a raba masa gwargwado. Kin ga A 10, B 6, C 0. Jimla ta zama A 7.10, B 6.70, C 5.10. A ya ci, oga ya huta, ke ma kin huta.

Injiniya Rabi:
Malam Bala ya gano ciwon, amma maganin da ya kawo ne ban yarda da shi ba. Bari in fara da ciwon.

Maman Khalifa, ki daina kallon kashi 40 ɗin nan, ki kalli tazarar da kowane ma'auni ya iya buɗewa tsakanin mutanen uku. A farashi, wanda ya fi kowa ya tashi da 4.00, na ƙarshe 3.33. Duk abin da farashi ya iya raba su da shi 0.67 ne. A inganci kuwa daga 1.50 zuwa 2.70 ne, tazarar 1.20. Kawowa kan lokaci 0.40, sauƙin biya 0.40. Idan kika tara tazarar duka ta kama 2.67, farashi ya ɗauki kusan kashi 25 kawai, inganci kusan kashi 45. A takarda kin ce farashi ne babba, amma a wajen yanke hukunci inganci ne ya riƙe wuƙa da nama. Oganki bai san sunan abin ba, amma hancinsa ya ji ƙauri.

Dalili shi ne waccan hanyar ta raba mafi araha da farashin kowa ba ta sauka ƙasa da wuri. Sai mutum ya ninka farashi sau biyu kafin makinsa ya faɗo 5. Shi kuwa inganci, wanda ya ba da makin ya yi yawo daga 5 zuwa 9 hankali kwance.

Yanzu hanyar Malam Bala. A ce farashin uku 100, 101 da 102 ne. Har yanzu na ukun sifili zai ci, ya rasa kashi 40 na makinsa gaba ɗaya saboda bambancin da bai kai ya kawo ba. Akwai kuma wanda ya fi wannan muni. A ce gobe wani D ya jefo takarda da farashin 150, ba shi da inganci, ba wanda zai ɗauke shi. Shigowarsa kaɗai ta sa sifili ya koma kan 150. B ya tashi daga 6 zuwa 8.4, C daga 0 zuwa 6. Jimla: A 7.10, B 7.66, C 7.50. Yanzu B ne ya ci. A, B da C ba wanda ya canza ko ƙwayar abu a takardarsa, kason ma'auni bai motsa ba, amma wanda ba zai ci ba shi ya zaɓa miki wanda zai ci.

Kin ga kaso ɗaya, maki ɗaya, mun fitar da zakara uku daban-daban.

Akanta Bala:
To, na karɓi ta D ɗin nan, ban taɓa kawo ta a raina ba. Amma Injiniya, waccan hanyar da kika ce ba ta sauka, ita ce fa ake amfani da ita a ayyukan da Bankin Duniya ke ba kuɗi idan za a ɗauki masu ba da shawara. Mafi araha ya samu 100, sauran a raba, sannan a haɗa da makin ƙwarewa, sau da yawa 80 da 20. Su ma ba su iya ba ke nan?

Injiniya Rabi:
Sun iya, kuma da gangan suke yi. A can ƙwarewar mutum ake saya, ana so farashi ya yi magana a hankali. Wanda zai tsara maka gada ba ka ɗauke shi don ya fi araha. Kwali kuwa kaya ne da ake saya dubu-dubu, kuma mai kamfanin ya ce farashi ne gaba. Aron riga ne aka yi, ta yi wa mai ita daidai, ita kuma ta yi mata yawa.

Baban Ummi:
Ni duk wannan wahala ce kuke ba kanku. Adalci shi ne a ba kowane ma'auni kashi 25, ba wanda zai ce an fifita wani abu. Da zarar kun fara wannan 40 wancan 10, son zuciya ya shigo.

Injiniya Rabi:
Malam, raba daidai ma zaɓi ne, sai dai an ɓoye shi. Idan ma'auni huɗu ne, farashi na da kashi 25. Idan wani a kwamiti ya ce a tsaga inganci gida uku, ƙarfin kwali daban, kyan bugun tambari daban, takardar shaidar inganci daban, ma'auni sun zama shida, inganci ya kwashe rabi, farashi ya dawo kusan kashi 17. Ba wanda ya taɓa kaso, jerin kawai aka tsawaita. Na sha ganin an yi haka da sunan tsantseni.

Takardar shaida irin ISO 9001 ma ni ba na ba ta maki. Ko dai sharaɗi ce, wanda ba shi da ita ya tsaya a bakin ƙofa, ko kuma ba a buƙatarta. Duk abin da ba za ki iya sassautawa ba don an rage miki farashi, ba na cikin tebur ba ne, na tantancewar farko ne: rajista, girman kwalin da kika nema, iya samar da adadin wata. Tebur yana barin ƙarfi a wani gefe ya rufe rauni a wani gefen. Idan kika sa sharaɗin dole a ciki, wata rana mai araha zai ci da kwalin da bai shiga motarku ba.

Maman Khalifa:
Injiniya, Allah Ya saka. Na gane inda na zame. Amma to yaya zan yi kason ya zama na gaskiya? Gaskiya ni 40, 30, 20, 10 ɗin nan a zaune muka yanke da manajan sito, don sun yi kyau kuma sun cika ɗari.

Injiniya Rabi:
Haka kusan kowa ke yi, kada ki damu. Kafin in amsa, faɗa mini: 5, 7 da 9 na inganci daga ina suka fito? Kuma mene ne farashin da idan aka wuce shi kamfani ba zai saya ba ko da kwalin na ƙarfe ne?

Maman Khalifa:
Na inganci da lissafi muka yi. Muna ƙirga kwalayen da suka fashe ko suka lotse a cikin dubu. Mun ce 50 a dubu shi ne sifili, babu ko ɗaya shi ne 10, wato kowane biyar maki ɗaya. A yana da 25, B 15, C 5. Farashi kuwa kasafinmu ba zai wuce 135 ba, kuma ban taɓa jin wanda ya yi ƙasa da 95 ba.

Injiniya Rabi:
Madalla, ashe kin yi rabin aikin ba ki sani ba. Abin da kika yi wa inganci shi za ki yi wa farashi. Ki kafa sandar awo da ba ta dogara da wanda ya kawo takarda ba: 135 sifili, 95 goma, kowane huɗu maki ɗaya. A ya samu 8.75, B 6.75, C 3.75. Da kasonki na da, jimla A 6.60, B 7.00, C 6.60. D ya zo ko kada ya zo, ba abin da zai motsa, shi ma tun a ƙofa kasafi zai mayar da shi.

Sannan tambayar da ta fi kowacce. Kaso ba yabo ba ne, ba wai cewa inganci abu ne mai muhimmanci ba, kowa ya san haka. Kaso ciniki ne: nawa zan ƙara a farashi don in samu maki ɗaya na inganci? A wannan sabon awon, ƙarin 1 a farashi yana cin 0.10 a jimla, maki ɗaya na inganci kuma 0.30 ne. Wato tebur yana cewa za ki biya ƙarin 3 don a rage miki fasassun kwalaye biyar a dubu. A lissafinki na farko amsar kusan 9 ce. A lissafin Malam Bala kuwa 1.5. Wannan ce tambayar da za ki kai wa oga, ba 40 ko 30 ba: ranka ya daɗe, kwali biyar a dubu, nawa suke ci mana?

Kuma ana iya lissafa ta. Idan kwali ɗaya ya fashe, ba kuɗinsa kaɗai aka rasa ba, akwai kayan ciki, akwai sake zubawa, akwai wanda ya dawo da kaya. Idan asarar ta kai kuɗin kwali shida, biyar sau shida talatin a dubu, wato 3 a ɗari. Kin ga kason 30 ya zauna daidai. Idan ta kai kuɗin kwali goma sha takwas, lissafinki na farko ne mai gaskiya, C ya cancanta.

Ɗan Sito:
Yanzu kun zo inda na sani. A wurinmu kwalin da ya fashe a cikin sito ba komai ba ne, a tattara a canza wani, minti biyar. Wanda ya fashe a mota shi ne masifa, don na ƙasa idan ya lotse na sama duk su rufto. Ba za ki haɗa su a lamba ɗaya ba Hajiya. Kuma lokacin damina kwalin da ya yi kyau a rani sai ya yi laushi kamar tsumma. Samfur ɗin a wane wata aka gwada shi?

Maman Khalifa:
Ba mu raba ba gaskiya. Kuma tunda ka tambaya, na A daga littafin sito na shekara biyu muka ɗauko, don shi ke kawo mana a da. Na B daga oda uku da muka taɓa ba shi. Na C samfur 200 ya kawo, ɗaya ya lotse, shi ne muka ce 5 a dubu.

Akanta Bala:
Kai! To ai nan gizo ke saƙa. Da biyu suka lotse da makinsa 8 ne, da uku da 7. Kuma samfur ai kwalliyar ranar kasuwa ce, ba wanda zai kawo miki na banza. Kin auna A da halinsa na shekara biyu, kin auna C da gaisuwar farko.

Ni kuma nawa ƙorafin kan sauƙin biya ne. Wannan ai farashi ne ya sa wata riga. Idan A sai an biya a take, B ya yi haƙurin kwana 30, C kwana 60, a lissafa abin da riƙe kuɗin na wata ɗaya ke amfana wa kamfani a cire daga farashin kowa, a goge ma'aunin. Yadda tebur yake yanzu, maki biyu tsakanin A da B sun zama 0.20, wato kin kimanta wata ɗaya da 2 a ɗari. Ko ya kai, ko bai kai ba, akantanku ne zai faɗa.

Injiniya Rabi:
Wannan na sa hannu, duka biyun. Kuma yana da muhimmanci fiye da yadda ake gani, don idan farashi da inganci kaɗai aka duba, A yana gaban B da 0.20. Abin da ya ɗaga B shi ne kawowa kan lokaci da sauƙin biya, 0.60 a haɗe. Ma'aunan da aka raina su suka yanke hukunci, don haka a bincika 6 da 8 ɗin nan na kawowa kamar yadda muka bincika na inganci. Kwana nawa ne jinkirin, sau nawa a cikin oda goma, kuma ya taɓa tsayar da aiki?

Abu na ƙarshe da nake yi kafin in kai wa kowa tebur shi ne in girgiza shi. Ki riƙa ɗaga kason farashi kina sauke sauran gwargwado, ki ga inda zakara zai canza. Na gwada da lambobinki: B yana riƙe da kambu daga kusan kashi 31 har zuwa 50. Sama da 50 A ne, ƙasa da 31 C ne. To idan oga yana cewa 45, manajan sito yana cewa 35, ba sai an yi rigima ba, duk B suke nufi. Idan kuwa da za ki ga daga 40 zuwa 42 ya juya sakamako, ki faɗa wa oga gaskiya cewa kunnen doki ne, a nemi wata hujja.

Malam Auwalu:
Na jima ina karantawa ban sa baki ba. Me ya sa ba za a yi amfani da AHP ba? Thomas Saaty ya fito da ita tun shekarun 1970 don irin wannan. A ɗauki ma'auni biyu-biyu a kwatanta daga 1 zuwa 9, ma'auni huɗu kwatance shida ne kacal, kuma tana nuna maka idan ka yi tufka da warwara, idan lambar da ke auna hakan ta wuce 0.1 ka sake. Ta fi a zauna a yanke da ka.

Injiniya Rabi:
Tana da amfani wajen sa kwamiti su yi magana, ban musa ba. Amma idan tambayar ita ce farashi da inganci wanne ya fi, sau nawa, ba a faɗi wane farashi da wane inganci ba, ramin da muka fito za a koma, sai dai yanzu da lambobi masu ɗigo huɗu. Lambar 0.1 tana nuna amsoshinka ba su ci karo da juna ba, ba ta nuna sun yi daidai. Kuma tun 1983 Belton da Gear suka nuna cewa ƙara wani zaɓi na iya juya jerin a cikinta, irin abin da D ya yi mana. Idan za ka yi, ka tambaya haka: sauka daga 135 zuwa 95, da sauka daga fasassu 50 zuwa babu, wanne za ka fara ɗauka?

Malam Auwalu:
To ai ana iya yin tambayar haka a cikinta. Ban ga ya rushe ta ba.

Hajiya Mai Odit:
Ku yi haƙuri in watsa muku ruwa. Duk gyaran nan mai kyau ne, amma an riga an buɗe takardu. Maman Khalifa ta san farashin kowa. Duk sandar awon da za ta kafa yau, ta san wanda za ta ɗaga. Ko 135 da 95 ɗin nan, idan ta ce 125 da 100 labari ya canza. Idan na zo bincike na tarar da tebur biyu, na farko ya ba C, na biyu ya ba B, tambayar da oga ya yi mata ita zan yi, sai dai sunan kamfanin ya canza. A kwangilar gwamnati a Tarayyar Turai wannan ba ya halatta, kotunsu ta yanke a shari'ar Lianakis a 2008 cewa ba a ƙirƙiro kason ma'auni daga baya bayan an fitar da sanarwa. Na san nan kamfani ne mai zaman kansa, amma dalilin ɗaya ne.

Akanta Bala:
Hajiya, to a bar kuskure ya wuce don an riga an yi shi? Kamfani ya biya ƙarin kashi 20 shekara guda saboda tsari?

Hajiya Mai Odit:
Ban ce haka ba. Na ce a rubuta sabon awon, oga da manajan sito su sa hannu da kwanan wata, a aika wa mutum ukun, a ba su mako su sake kawo farashi a rufe. C ma idan ya san farashi zai yi cizo da gaske wataƙila ya sauko.

Injiniya Rabi:
Rabin maganar na yarda. 135 tana cikin kasafin da aka amince da shi kafin takardu su zo, wannan ba wanda zai ce an ƙirƙira. 95 ce mai rauni, don daga bakinta ta fito. Amma sake neman farashi ma yana da nasa: idan wani a cikin kamfanin ya riga ya tsegunta wa A abin da B ya rubuta, zagaye na biyu gwanjo ne kawai.

Maman Khalifa:
Na kai wa oga tambayar kwali biyar a dubu yau da safe. Ya yi shiru, ya kira manajan sito, suka yi ta ja, ɗaya ya ce kuɗin kwali huɗu, ɗaya ya ce goma idan a mota ne. An ce a ciro rasit ɗin kayan da aka dawo da su bara a ƙirga. Ya yarda a ba C odar gwaji ta kwali 2,000, amma bai yarda a sake neman farashi ba, ya ce kwalayen da ke sito ba za su kai mako uku ba. Hajiya, idan na haɗa tebur biyun da takardar bayanin dalilin canjin, ya sa hannu, zai wadatar a wajenku?

Hajiya Mai Odit:
Zai rage, ba zai goge ba. Ki tabbata kwanan watan kasafin yana jikin takardar.

Ɗan Sito:
Kwali 2,000 ɗin nan kada a gwada su a sito. A loda su a mota, a jera bakwai-bakwai, a sa na C a ƙasa.